Benci 25 da suka ɓace tsakanin ɗigo da ɗigo

Bara waccan, ana saura mako uku a koma lakwal a watan Oktoba, shugaban makarantarmu a nan Waca ya ce in rubuta wa ƴan garinmu mazauna Damagaram da Yamai imel, domin sun yi alkawarin taimako. Na zauna da wayata bayan sallar la'asar na jera musu abubuwa huɗu, kowane da ɗigonsa a gaba. Ga yadda na aika:

Ga halin da muke ciki:
- An gyara rufin aji biyu.
- Benci 25
- a sayo alli da littattafan rubutu
- Ƙofar ofis

Bayan kwana goma aka sauke mana katan-katan na alli da littattafai daga mota. Babu benci, babu kuɗin kafinta. Na kira dattijon da ke riƙe da asusunsu, ya ce: "Malam, ai ka ce an gyara rufi da benci 25. Abin da ka ce a sayo shi muka sayo." Na buɗe saƙon na sake karantawa, na ga gaskiyarsa. Benci ɗaya yara uku yake ɗauka, ke nan yara 75 suka fara shekara a kan tabarma saboda rubutuna.

Laifin yana cikin ginin layukan. Na farko cikakkiyar jimla ce mai ba da labarin aikin da aka gama. Na biyu suna ne da adadi kawai, ba aikatau, don haka mai karatu ya ari aikatau daga layin da ke samansa, ya karanta "an gyara benci 25". Na uku ne kaɗai ya fito a matsayin roƙo. Na huɗu kuwa bai faɗi komai ba: ƙofar ta karye ne, ko sabuwa ake so? A Hausa abin ya fi haɗari, domin tsakanin "an gyara" da "a gyara" baƙi ɗaya ne, kuma wannan baƙin shi ke raba aikin da aka yi da wanda ake nema.

Da na sake rubutawa, sai na fitar da batun rufi daga jerin, na sa shi cikin gaisuwa a matsayin albishir. Sauran na ba su jimlar jagora guda, kowane layi ya zama ƙarashenta:

Muna roƙon ku taimaka mana da:
- sayen benci 25
- sayen alli da littattafan rubutu
- gyaran ƙofar ofis

Gwajin da nake yi tun daga ranar mai sauƙi ne. Ina karanta jimlar jagora da ƙarfi tare da kowane layi, ɗaya bayan ɗaya. "Ku taimaka mana da sayen benci 25" ta zauna. "Ku taimaka mana da an gyara rufi" ba ta zauna ba, kunne ma ya ƙi ta. Da na so, da na fara da "Muna roƙo:" in bi da "a sayi benci", "a sayi alli", "a gyara ƙofa". Duka biyun daidai ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a gauraya su cikin jeri ɗaya.

Sai batun aya da manyan baƙaƙe. Mu da muka yi karatu da Faransanci, a makarantar horon malamai an saba mana da fara kowane layi da ƙaramin baƙi, a rufe shi da waƙafi mai ruwa, na ƙarshe kaɗai ya samu aya. Wasu kuma ba sa sa komai a ƙarshen guntun layi. Ni abin da na tsayar shi ne, idan layukan cikakkun jimloli ne, kowane ya fara da babban baƙi ya ƙare da aya. Idan guntaye ne masu ƙarasa jimlar jagora, ƙaramin baƙi, ba aya. A saƙona na farko aya ɗaya ce tak, a layin rufi, ita ma ta taimaka wajen sa shi ya yi kama da kan magana, sauran kuma bayaninsa.

A lura da waya kuma. Takan mayar da baƙin farko babba da kanta a wani layi ta bar wani, don haka kafin in aika nakan bi farkon layuka da ido daga sama zuwa ƙasa, sannan in bi ƙarshensu.

Bencin sun iso a watan Disamba, sanyi ya riga ya shigo. Yanzu idan ina koyar da rubutun wasiƙa, tsohon jerin nan nake rubutawa a allo, in ce wa yara su gaya mini benci nawa aka gyara. Har yau ajin yakan rabu biyu.