Jan bikin da na sa a kan amsar da ke daidai

Akwai wata ƴar maƙwabtanmu da nake koya wa Ingilishi da yamma, tana shirin jarabawar BAC. Idan na taso daga jami'a na tsallako gadar Kennedy, gidansu nake fara tsayawa, a kawo mini tabarma da ruwan sanyi. Jaka goma babanta ke ba ni a wata, kuma da ita nake biyan kuɗin mota da na hotokopi.

Wata rana ta rubuta a kayenta: "Amina is one of the students who are always late." Ban yi wata-wata ba na ja wa are jan biki, na rubuta is a sama. Na ce mata one ai ɗaya ne, ɗaya kuwa is yake ɗauka. Ta ce, "To, Yaya." Bayan mako biyu irin wannan jimla ta fito musu a aji, ta sa is kamar yadda na koya mata, aka cire mata maki. Ko ƙorafi ba ta yi ba. Takardar kawai ta miƙo mini, ta sunkuyar da kai. Wallahi da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Daren nan na zauna da jimlar, sai na ga kuskurena. Aikatau biyu ne a cikinta, ni kuwa na ɗauke su kamar ɗaya. Na farko na Amina ne, shi ne is ɗin da ke kusa da sunanta, kuma ba a taɓa shi. Na biyu yana bayan who, kuma tambayar ita ce: wa who ke nufi? Amina ce kaɗai ke makara, ko akwai gungun masu makara da take cikinsu? Gungun ne. Ke nan who na nufin students, aikatau ɗinsa kuma are.

Abin haushin shi ne Hausar da na tashi da ita ta riga ta ba ni amsa. Muna cewa "Amina ɗaya ce daga cikin ɗaliban da suke makara." Ka gwada sa "take" a wurin "suke", za ka ji harshenka ya ƙi. Ingilishi na ɓoye adadi a cikin who, domin siffarsa ɗaya ce ko mutum guda ne ko ɗari, amma mu dole mu furta ya, ta ko su. Saboda haka yanzu gwajina na farko shi ne in mayar da jimlar Hausa in saurari abin da ya fito. Na biyu shi ne in juya ta: "Of the students who are always late, Amina is one." Da zarar one ya koma ƙarshe, ba mai sha'awar sa is bayan who.

Sai dai a kula, kalma ɗaya na iya juya komai. "Amina is the only one of the students who is always late." Nan babu gungun masu makara, ita kaɗai ce take makara, don haka is ne daidai. Haka ma idan babu who gaba ɗaya: "One of the students is late." Dokar da na haddace tun koleji ke nan, kuma gaskiya ce, na dai kai ta inda ba gidanta ba. Wadda na fi so in ba mutum ya gwada kansa ita ce "One of the students who are late is my brother", inda are na ɗaliban ne, is kuma na ɗayan da aka ware.

A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, dole in faɗi ɗaya gefen. Masu harshen kansu suna yawan sa is a irin jimlar Amina, a baki da kuma a rubuce, saboda hankalinsu na kan mutum ɗayan da ake magana a kansa. Ƙamus ɗin Merriam-Webster na yadda ake amfani da Ingilishi, wanda ya fito a 1989, ya karɓi duka biyun. Faransanci ma na da irin wannan gardama bayan un des da qui. Amma mai gyaran takardar jarabawa ba zai zauna jin wannan tarihi ba, kuma yarinyar maki take nema.

Washegari na koma gidansu, na buɗe kayen a shafin da jan bikina yake, na ce mata, "Ƙanwata, ke ce da gaskiya, ni na ɓata miki." Na ba ta jimloli biyar ta mayar Hausa kafin ta zaɓi aikatau. Ta ci huɗu. Ta biyar mai the only one ce, a nan ta sa are, sai muka sake ta tun daga farko.