Bidiyo ɗaya, lambobi uku

A ce wani mai sayar da shinkafa a Talata Mafara ya biya mai wani shafin Facebook domin a tallata masa shinkafar da aka noma da ruwan madatsar Bakolori. Bayan mako guda aka turo masa hoton rahoto: `Reach` 4,000, `Impressions` 10,000, `Views` 2,500. Mai shafin ya ce mutum dubu goma sun gani. Ɗan kasuwa ya ƙi yarda, har ya fara zargin an cuce shi. Lambobin duk daidai suke. Mai shafin ne ya ɗauki wadda ta fi tsoka ya laƙaba mata sunan wata.

`Impressions` na ƙirga sau nawa tallar ta bayyana a fuskar waya. Idan wata malama a Bakura ta ci karo da ita da safe, da azahar, da kuma bayan isha'i, an rubuta uku. `Reach` kuwa asusu yake ƙirgawa, saboda haka malamar ɗaya ce tak. A raba 10,000 da 4,000, sai a ga kowane asusu ya ga tallar sau biyu da rabi a matsakaici. `Views` na 2,500 ya fito ne daga tsohon ma'aunin Facebook, wanda ba ya lissafa kallo sai bidiyo ya yi daƙiƙa uku yana tafiya. Inda sabis ke da rauni, hoton farko kan tsaya cik, mutum ya gaji ya wuce: tallar ta bayyana, amma ba a kalla ba. Tun 2024 kamfanin Meta ya faɗaɗa ma'anar kalmar, ta koma ƙirga kowace bayyana ko kunnawa har da maimaici, shi ya sa a sabon rahoto `Views` kan zarce `Reach`. Wanda ya gwada rahoton 2023 da na yanzu, mudu biyu mabambanta ya yi awo da su.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne wajen tarawa. `Impressions` na Litinin da na Talata suna haɗuwa lafiya lau. `Reach` ba ya haɗuwa, domin wanda ya gani ran Litinin yana iya sake gani ran Talata. Idan rahoton kullum ya nuna 1,000 har kwana bakwai, na mako ba lallai ya kai 7,000 ba. Tsayawarsa a 4,000 ba abin mamaki ba ne.

Shi kansa 4,000 ɗin ƙiyasi ne, kuma asusu ba mutum ba ne. A wata majalisa a Maradun, mutum shida na iya duƙawa kan waya ɗaya, Facebook ya rubuta ɗaya. Wanda ya sauke bidiyon ya tura wa surukinsa ta WhatsApp, kallon surukin bai shiga kowane lissafi ba, alhali mai yiwuwa shi ne zai zo ya sayi buhu biyar.