Kashi 54 ɗin da babu shi a ko'ina

Jama'a, tunda ana ta muhawara kan yunwa da tamowa kwanakin nan, bari in ba ku labarin kunyar da na taɓa sha.

Na taɓa rubuta maƙala kan abincin yara, na ce kashi 54 cikin ɗari na yaran Najeriya sun tsumbure, "kamar yadda bincike ya nuna". Wani dattijo da ya daɗe a aikin ƙididdiga ya karanta, ya ce min, "Malam, wane bincike? Na wace shekara? Jadawali na nawa?" Wallahi sai na yi tsuru-tsuru.

Muka buɗe rahoton tare. Binciken lafiya da yawan jama'a ne, wato NDHS na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar. Jadawali na 11.1 shi ke nuna yanayin girman yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A ɓangaren tsawo gwargwadon shekaru akwai gurbi biyu kusa da juna. Ɗaya an rubuta -2 SD a kansa, wato yaran da suka tsumbure, kashi 37. Ɗayan -3 SD, wato waɗanda tsumburewarsu ta yi tsanani, kashi 17. Ni kuma sai na tara su, na samu 54. Ashe 'yan 17 ɗin nan suna cikin 37 ɗin tun farko, kuma an faɗi hakan a ƙasan jadawalin da ƙananan haruffa, wurin da ban taɓa kai ido ba. Sau biyu na ƙirga yaran.

Da na rubuta lambar jadawalin tun farko, duk wanda ya duba zai kama kuskuren cikin minti biyu. Da yake "bincike" kawai na ce, ba mai hanyar bin sawuna, sai dai ya yarda ko ya ƙi.

Ita ma shekarar tana da tarko. An auna yaran a 2018, rahoton ya fito a 2019. Shekarar awon ce ke gaya maka lokacin da abin ya kasance haka, don haka ita nake sawa a jikin adadin. Kuma an sake yin binciken a 2023 zuwa 2024, adadin ya koma kashi 40. Wanda ya ce "yanzu kashi 37 ne" tsohon labari yake bayarwa.

Sannan 37 ɗin na ƙasa baki ɗaya ne. A wannan jadawalin dai, Arewa maso Yamma kashi 57 ne, Kudu maso Gabas 18. In kana magana kan Kabi ko Jigawa ka ɗauko na ƙasa, ka rage wa matsalar nauyi da hannunka.

Yanzu ga yadda nake rubutawa: kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure (NDHS 2018, jadawali na 11.1). Waccan maƙalar kuwa sai da na bi waɗanda na tura wa ɗaya bayan ɗaya da gyara, kuma har yau ina fargabar in ga 54 ɗina a rubutun wani.