Hukunci Daban, Kuɗi a Hannu Daban

'Yan'uwa 'yan kasuwar unguwar nan, da yawanmu muna zaton ranar da alƙali ya ce a biya ka, ranar za ka ƙirga kuɗinka. Ba haka abin yake ba. Hukunci takarda ce kawai, sai ka san inda dukiyar mai bashin take, da sunan wa aka rubuta ta, sannan ka ga kwabo.

Wani kamfanin kwangila mai ofis a GRA ta Bauci ya karɓi siminti a hannuna, na naira miliyan 4 da dubu 200. Shekara ta zagayo ana ta gobe, jibi. Dattawa suka shiga tsakani, ba a dace ba. Babbar Kotun Jihar Bauci ta ba ni gaskiya, amma mai kamfanin ya yi kunnen uwar shegu da hukuncin.

Lauyana ya ce mu fara da banki, abin da suke kira ganishi. Doka tana ɗaukar kuɗin da ke asusun mutum a matsayin bashin da yake bin banki, don haka kotu na iya cewa banki ya ba ni maimakon ya ba shi. Ana shigar da roƙon ba tare da an sanar da mai bashin ba, don kada ya riga ka zuwa ya kwashe. Kotu ta fara ba da odar wucin gadi, da zarar ta isa banki an daskarar da kuɗin. Dokar ma'aikatan kotu da zartar da hukunci, sashe na 83, ta ce a kai wa bankin da mai bashin takardar aƙalla kwana 14 kafin zama. A zaman ne banki yake faɗin abin da ke hannunsa, a rubuce bisa rantsuwa.

Wane banki za a kama? Tsofaffin shaidun biya da na ajiye su suka nuna mana biyu. Na farko ya ce akwai miliyan 1 da dubu 300, kotu ta tabbatar da odar, aka biya ni. Na biyu ya ce shi ma kamfanin bashi yake binsa, babu abin ɗauka, aka sallame shi. Ku lura, oda tana kama abin da ta tarar ne. In asusu fayau yake, ka tashi a tutar babu, ga kuɗin lauya.

Saura miliyan 2 da dubu 900. Muka nemi takardar kama kaya. Ma'aikatan kotu ne suka je da 'yan sanda, ni ban ɗauki ko tsinke ba, domin wanda ya je ya ɗebo da kansa ya mayar da gaskiyarsa laifi. Suka rubuta babban janareta, da akori-kura, da wata ƙaramar mota. Kafin gwanjo matar mai kamfanin ta kawo takardun ƙaramar motar da sunanta, kotu ta duba ta sake mata ita.

Nan ne gizo ke saƙar. Kamfanin da sunansa ya ƙare da “Ltd” mutum ne mai zaman kansa a idon doka. Gidan da mai kamfanin yake ciki a GRA da sunansa yake, ba da sunan kamfani ba, saboda haka hukuncina bai kai gare shi ba. Da sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, ko da ya sa hannu a kan shi zai biya in kamfani ya gaza, da magana ta sauya.

Gwanjo kuwa ba ya kawo farashin kasuwa. Bayan an cire kuɗin ɗauka da na ajiya, miliyan 1 da dubu 900 suka zo hannuna. Kotu ta ɗora ruwa a kan bashin, na ce wa lauya uwar kuɗina nake nema, ba zan ci riba ba.

Wasu a masallaci sun ce, “Malam, ina sassaucin da kake mana wa'azi?” Na ce ayar Baƙara ta 280 a kan wanda ke cikin ƙunci take. Mai hali da ke ja wa mai haƙƙi rai, hadisi ya kira aikinsa zalunci, kuma malaman Malikiyya sun yarda alƙali ya sayar da dukiyarsa ya biya masu binsa. Da na tabbatar kamfanin ba shi da sauran komai, miliyan ɗayan da ta rage na yarda a riƙa biya dubu 100 duk wata.

Don haka kafin kaya su bar shagonka, rubuta cikakken sunan kamfani yadda yake a rajistar CAC, ka ajiye kowace shaidar biya ta banki, ka nemi mai shi ya tsaya wa bashin da sa hannunsa gaban shaidu. Allah ya raba mu da cin haƙƙin juna, amin.