Shaida Biyu, Magana Ɗaya

Hoton allon waya shaida ne mai ido ɗaya. Abin da wayar mai shi ta nuna kaɗai yake faɗa, shi ya sa ba na yarda da na ɓangare guda sai na ɗora shi kusa da na ɗaya ɓangaren.

Yayana da amininsa sun haɗa jari suna sayen riɗi a ƙauye suna kaiwa Dawanau. Yaya ya sayar da buhu 50, ya rage naira 4,000 a kan kowanne daga farashin da suka tsayar, wato asarar 200,000. Ya ce da yardar abokinsa ya yi. Abokin ya rantse bai taɓa yarda ba. Kawunmu ya ce, "Kai da ka yi boko, duba mana." Kowa ya turo mini hotunan hirarsu ta WhatsApp.

Na fara da lambar waya, domin suna kowa na iya ajiye wanda ya ga dama. Sannan na ƙirga saƙonnin ranar ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙirgar ita ce ƙashin bayan aikin, saboda saƙon da aka goge wa kowa yana barin alama, wanda aka gyara yana ɗauke da Edited, amma wanda mutum ya goge a wayarsa kaɗai ba ya barin sawu sai a wayar ɗan'uwansa. Saƙonni tara nan, tara can. Babu wanda ya ɓoye komai.

A jerin saƙonnin aka sha bamban. A wayar Yaya: maganar kuɗin mota, sai "zan rage 4,000", sai "na amince". A wayar abokin: kuɗin mota, "na amince", sannan maganar ragi. Kowa ya ga nasa ya tabbata ɗaya maƙaryaci ne, har an fara ambaton kotu.

A nan hoto ya gaza, sai na nemi wayoyin kansu. Idan ka danne saƙon da ka tura ka buɗe Info, za ka ga lokacin da ya isa. Maganar ragi ta bar wayar Yaya da ƙarfe 2:20, amma Delivered ya nuna 3:41. Shi kuwa "na amince" an rubuta shi 2:12, a kasuwar ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Ya maƙale a wayar har abokin ya hau titi, a lokacin ya fita, maganar ragi kuma ta shigo. Kuɗin mota ya amince da shi. Mutum ba ya amsa tambayar da ba ta iso shi ba.

A ganina Yaya na da uzuri, ko da yake ragin 200,000 ya fi ƙarfin kalma biyu. Da ya buga waya. Kawu ya saurara, ya ce, "Ba wanda ya ci amanar wani," ya raba musu asarar daidai da jarin kowa.