Idan jarrabawa da intabiyu suka faɗo rana ɗaya

Duk ƙarshen zangon karatu sai ɗaliban ajin ƙarshe sun zo ofishina da takardu biyu a hannu, jadawalin jarrabawa da gayyatar intabiyun aiki, ranar ɗaya ce. Kusan kullum roƙonsu shi ne a ɗaga jarrabawar. A ganina ƙofar da ba ta buɗuwa suke ƙwanƙwasawa.

Jadawalin jami'a yana da lokacin da yake ɗanye. Ana fara liƙa daftarinsa domin wanda kwasa-kwasansa biyu suka yi karo, musamman mai kwantan kwas, ya kai kuka wurin jami'in jarrabawa na sashe. Da zarar na ƙarshe ya fito, an riga an raba zauruka da masu sa ido, an kuma buga tambayoyi. Ɗalibi ɗaya ya zauna daban yana nufin sabuwar takardar tambayoyi da amincewar hukumar jami'a, abin da malami ba ya da ikon bayarwa komai tausayinsa. Wanda ya ƙi zama kuwa, sau da yawa sai baɗi, domin galibin kwasa-kwasai sau ɗaya ake koyar da su a shekara.

Intabiyu ya fi sauƙin motsi, saboda kwamitin yakan ga mutane ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har kwana biyu ko uku. Musanya layi kawai ake nema.

Wata ɗalibata tana da jarrabawa ranar Talata daga ƙarfe 9 zuwa 12 a Kano, aka kira ta Kaduna ƙarfe 10 na wannan safiya. Niyyarta ta ce musu ba ta da lafiya. Na hana ta, domin mara lafiya ana tambayarsa takardar asibiti, alhali ita tana riƙe da hujjar da ta fi ƙarfi. Ta so kuma ta nemi ƙarfe 4 na yammacin Talatar. Na tuna mata tafiyar ta haura kilomita 200, ga jiran mota ta cika a tasha.

A ranar da gayyatar ta iso ta amsa imel ɗin, layi biyar kacal. Ta yi godiya, ta jaddada tana son aikin, ta faɗi sunan kwas da sa'arsa, ta haɗa hoton jadawalin mai hatimin sashe. Sannan ta kawo zaɓi biyu, Litinin ko Laraba, kowane lokaci suka ga dama. Wannan zaɓin ne yawanci ake mantawa, sai a bar wa ma'aikacin ofis aikin lalubo mafita, shi kuwa ya ajiye wasiƙar gefe.

Kwana biyu shiru, sai ta buga waya, aka ba ta Laraba. Na gargaɗe ta kada ta dogara da muryar waya, ta roƙi a rubuto mata, domin jerin sunayen da ke hannun mai gadi yana iya zama na Talata.

Inda wannan dabara ba ta ci shi ne gwajin na'ura mai ƙwaƙwalwa da ake yi wa dubban masu neman aiki a zama ɗaya. Shi ma jarrabawa ce, kuma a nan nakan shawarci ɗalibi ya kammala digirinsa, tunda da shi aka gayyace shi.