Ƙwan da ba ya isa bakin yaro

An ba ta minti goma sha biyar. Ma'aikaciyar lafiya ce a wata mazaɓa ta ƙaramar hukumar Wudil, kuma taron na mata ne masu goyo, a inuwar darbejiya, ranar awon jarirai. Saƙon da aka ɗora mata gajere ne: a riƙa ba yara ƙwai. Ta san in ta faɗe shi haka tsirara za a gyaɗa kai, a ce madalla, a watse, ƙwan kuma ya wuce kasuwa ranar Juma'a kamar yadda ya saba.

Matsalar ba ta rashin ƙwai ba ce a garin. Wanda ya tsaya bakin gadar Wudil da almuru zai ga kiret-kiret jere a teburin mai shayi, ana fasa biyu ko uku a kan indomi, kuma magidanta ne ke ci. Da damina ƙwan zabi ya kan cika tasha. Duk da haka, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Wannan tsumburewa ta fi samun gindin zama daga wata shida zuwa shekara biyu, lokacin da nono kaɗai ya daina wadatarwa, aka koma kan kunu tsararo wanda ke cika ciki ba ya gina jiki. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, don haka kowane cokali sai ya zo da kaya. Ƙwan kaza madaidaici yana ɗauke da furotin kusan giram 6, gwaiduwarsa kuma tana da bitamin A da B12 da sinadarin kolin da ƙwaƙwalwa ke buƙata tana girma.

Ba da wannan ta buɗe jawabin ba. Ta fara ne da maganar da kowa ya zo da ita a ransa. Bayan sallama da gaida iyaye, sai ta tambaya ko akwai wadda ba ta taɓa jin an ce yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama ba. Aka yi dariya. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta ce, "Ke 'yar nan, ai mu haka muka taras, kuma ba mu ga ta'adi ba."

"Gaskiya ne Inna, ba ku yi ƙarya ba," in ji ta. "Amma me kuke tsarewa?"

Nan ne hikimar jawabin take. Camfin sata shinge ne da magabata suka kewaye akurki da shi. Kazar gida ba ta yin ƙwai kullum. Takan saka goma zuwa goma sha biyar, ta yi kwanci kwana 21, ta yi renon 'yan tsaki, sannan ta dawo, abin da bai fi ƙwai hamsin ko makamancin haka ba a shekara. Kowane ƙwai kaza ce ta gobe, kaza kuwa ita ce asusun mace: kuɗin magani, gudummawar biki, sabulu. Yaron da ya ɗanɗana daɗin gwaiduwa zai bi kaza har gurbinta. Wanda ya kira wannan jahilci ya rasa kakanni tun a jimlar farko, alhali a gidaje da yawa su ne ke yanke hukuncin abin da jika zai ci.

Sai ta yi musu lissafi a fili. Ƙwai ɗaya kullum na nufin 365 a shekara, wato aikin kaji bakwai ba tare da an bar ko ɗaya ya ƙyanƙyashe ba. Matar da ke da kaji huɗu ba za ta iya ba, kuma neman abin da ba zai yiwu ba hanya ce ta samun babu. To amma uku a mako 156 ne a shekara, kaji uku ke nan, ta huɗun a bar ta da kwanci. Ta roƙi a ware kaza ɗaya ko biyu a ce ta yaron ce, da sunansa. Dabarar ba tata ba ce. A yankin Kaya na Burkina Faso an gwada miƙa kaji kyauta ga jariri da kansa ta hannun mutanen da gari ke girmamawa, tare da horar da iyaye mata, kuma cin ƙwan yara ya ƙaru sosai, domin ba a cika sayar da abin da aka ce na yaro ne ba. Shingen da ya rage shi ne annobar kaji ta hunturu, cutar Newcastle, wadda ke share akurki cikin kwanaki. Akwai rigakafinta da cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi, ana ɗigawa a idon kaza, kuma jawabin ƙwai da ya manta da shi ya bar rabin aikinsa a baya.

Ta yi taka-tsantsan da alkawari, abin da masu irin wannan jawabi ba su cika yi ba. A lardin Cotopaxi na Ecuador, a 2015, an ba jarirai 'yan wata shida zuwa tara ƙwai ɗaya kullum har wata shida, aka ga tsumburewa ta ragu da kashi 47 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba a ba ba. Da aka maimaita gwajin a Mangochi ta Malawi da yara 660, ba a ga bambanci a tsayinsu ba. Cikin dalilan da masu binciken suka kawo har da cewa yaran can, mazauna bakin tafki, sun riga suna samun kifi. Darasin ya dace da gari mai kogi kamar Wudil: ƙwai ya fi tasiri a kwanon da babu komai na dabba a cikinsa, kuma ranar da ba shi, busasshen kifi dakakke a kunu yana toshe gurbi. Haka nan ƙwai ba ya maganin ƙarancin jini, domin ƙarfen da ke cikinsa kaɗan ne jiki ke ɗauka. Yaron da ma'aunin dantsensa ya faɗa ja kuwa, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti yake buƙata yau.

Sauran mintocin ta kashe su a kan tukunya. A fara daga wata shida, ana ci gaba da shayarwa. A dafa ƙwai minti goma bayan ruwa ya tafasa, har gwaiduwa ta daskare. Ɗanyen ƙwai da wasu ke kaɗawa a madara don ƙarin jini yana iya jawo gudawa. A murƙushe fari da gwaiduwa tare a cikin kunu mai kauri, wanda ba ya tsiyaya daga cokali, a soma da ɗan kaɗan a ranar farko a ƙara a hankali. In borin jini ya fito, ko leɓe ya kumbura, ko amai ya biyo baya nan take, a dakata a zo asibiti. In numfashi ya sarƙe, ba a jiran dawowar maigida. Ƙwan da ake shakka a saka shi a kofin ruwa: sabo yana kwanciya a ƙasa, wanda ya taso sama a zubar.

Da ta ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, dattijuwar nan ta yi murmushi ta ce karin maganar ba don haka aka yi ta ba. Wata matashiya mai goyo kuma ta ɗaga hannu daga baya, ta ce ita ba ta da kaza ko ɗaya, cefane a hannun maigida yake, kuma shi ba ya wannan taro. Ma'aikaciyar ta rubuta a bayan takardarta cewa za ta nemi mai unguwa da liman su ba ta minti biyar tare da maza bayan sallar la'asar, ta tambaye su ko cikin ƙwai biyun da ake soya musu a teburin mai shayi ɗaya zai iya biyo su gida da ɓawonsa.